Kukan Jaki da Dare: Abin da Na Koya a Turken Mahaifina

An haife ni a wani ƙauye da ke ƙasar Gumel ta Jihar Jigawa, a gidan da kusan kowace hidima ta dogara ga jaki. Da shi mahaifina yake kai taki gona da rani, da shi yake kwaso dawa da gero da kaka, kuma da shi ake ɗebo ruwa idan rijiyar unguwa ta ja baya. Tun ban isa ɗora mangala ni kaɗai ba nake share turke, in zuba harawa, in ɗaura akumari, kuma ɗakin da nake kwana katanga ɗaya ce ta raba shi da wurin da ake ɗaure su. Saboda haka kukan jaki na dare shi ne abin da ya fi tashe ni daga barci a ƙuruciyata. Daga baya Allah ya nufe ni da karatun kiwon lafiyar dabbobi, na yi shekaru ina zagaya ƙauyuka ina duba dabbobin mutane, kuma har yau ana yawan tare ni da tambayar abin da ke sa jaki ya rangaɗa kuka cikin dare, jakunan maƙwabta su kama amsa masa.

A gidanmu, da zarar jaki ya yi kuka za ka ji mahaifiyata daga ɗakinta tana neman tsari daga Shaiɗan. Haka ya zo a hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa wanda ya ji carar zakara ya roƙi Allah falalarsa, wanda kuma ya ji kukan jaki ya nemi tsarin Allah daga Shaiɗan. Aya ta 19 a Suratu Luƙman ma ta ambaci muryar jakuna a matsayin mafi munin muryoyi. Da wannan tarbiyya na tashi, kuma har gobe ina neman tsari idan na ji kukan. Amma neman tsari bai ɗauke wa mai dabba nauyin tashi ya duba abin da ke damun dabbarsa ba, domin amana ce a hannunsa, kuma akwai dalilai na zahiri da duk mai lura zai iya gane su.

Jakin da muke ɗaurewa a gida ya samo asali ne daga jakin jeji na arewa maso gabashin Afirka, wanda ragowarsa kaɗan suke rayuwa har yanzu a busassun yankunan Eritiriya da Habasha. Wani binciken ƙwayoyin halitta da aka wallafa a 2022 ya nuna cewa an fara mayar da shi dabbar gida a gabashin Afirka kimanin shekara 7,000 da suka wuce. A irin wannan ƙasa ciyawa ba ta da yawa, don haka jakunan ba sa tafiya a babban garke yadda dawaki suke yi. Warwatsuwa suke yi, uwa da ɗanta a nan, wani can nesa, babban namiji kuma ya kama wani yanki, sau da yawa kusa da ruwa, ya mayar da shi nasa. Dabbar da ke rayuwa nesa da 'yan uwanta haka tana buƙatar murya mai kai wa nesa da kuma kunne mai kamo ta, kuma duka biyun jakin gida ya gada. Kukansa yana iya ɗaukar daƙiƙa 20, kuma idan yanayi ya yi daidai ana jinsa daga nisan da ya kai kilomita 3.

Na sha tsayawa dab da jakinmu lokacin da zai fara. Sai ya miƙa wuya gaba, ya buɗe ƙofofin hanci, cikinsa ya fara bugawa, ya yi wata 'yar sheshsheƙa sau biyu ko uku kafin muryar ta fito sosai. Abin da ya bambanta shi da yawancin dabbobinmu shi ne yana fitar da ƙara a lokacin shaƙar iska da kuma lokacin fitar da ita. Siririyar muryar da ake ji tana fita ne sa'ad da yake jan iska ciki, kakkaurar kuma sa'ad da yake turo ta waje, shi ya sa ba ya buƙatar tsayawa ya numfasa a tsakiya, sai ya yi ta jerawa har ƙarfinsa ya ƙare da wani gurnani. Kowane jaki kuma da irin tasa muryar. Mahaifina yana kwance a ɗaki yakan faɗi jakin gidan wane ne ya yi kuka, kuma ba ya kuskure.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da dare kawai jaki yake wannan kuka, alhali da rana ma yana yi, a bakin rijiya da kasuwa da kan hanya. Abin da ya sa na dare ya fi shiga kunne shi ne, da farko, gari ya yi tsit, babu injin niƙa, babu babur, babu daka. Sannan iskar kanta tana sauyawa. Da rana ƙasa tana da zafi, iskar da ke kusa da ita ta fi ta sama ɗumi, sai ƙara ta riƙa lanƙwasawa sama tana ɓacewa. Bayan faɗuwar rana ƙasa takan huce da sauri, iskar ƙasa ta yi sanyi, mai ɗumi ta zauna a samanta, sai ƙarar da ta nufi sama ta lanƙwaso ta dawo ƙasa, ta yi tafiya mai nisa a kan fili. Wannan ya fi ƙarfi a daren hunturu da iska ta kwanta, bayan an girbe gonaki an kwashe kara, babu abin da ke tare muryar tsakanin ƙauye da ƙauye. A irin wannan dare ne muke jin jakunan rugar da sai an yi tafiyar rabin awa a ƙafa kafin a kai.

Shi kansa jakin ba ya kwana yana barci yadda muke zato. Barcinsa gaba ɗaya bai cika wuce awa uku a yini da dare ba, kuma a gutsure yake yinsa, wani a tsaye wani a kwance. Ragowar daren idonsa biyu. Da rana ya ga 'yan uwansa a hanya, ya shinshina su, bakinsa kuma yana cikin aiki ko kiwo. Da dare an ɗaure shi a turke a bayan katanga ko darni, ba ya ganin kowa, sai dai hanci da kunne su ba shi labari. Idan ya yi kuka a wannan hali, sanarwa yake yi cewa yana nan, yana kuma neman sanin wanda ke kusa. Jakin maƙwabci da ya ji shi yana cikin hali iri ɗaya, sai ya mayar da tasa sanarwar. Idan namiji ne, amsar tana ɗauke da gargaɗin cewa wannan wuri da mai shi, idan kuma abokin zama ne ko uwa da ɗa da aka raba, kiran juna ne kawai. Na uku da ke can gaba wataƙila bai ji na farko sosai ba, amma ya ji na biyu, sai shi ma ya ɗauka, ta haka kukan yake bin gari daga wannan gefe zuwa wancan har ya tsallaka wani ƙauyen. Da yake ƙara tana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, muryar jakin da ke nisan kilomita ɗaya tana ɗaukar kusan daƙiƙa uku kafin ta iso, kuma wannan yana cikin abin da ke sa amsoshin nesa su riƙa zuwa a jere, ɗaya bayan ɗaya.

Wannan kiran juna na yau da kullum ba abin damuwa ba ne. Jaki ya yi kuka sau ɗaya ko biyu, a amsa masa, kowa ya yi shiru. Abin da ya kamata mai jaki ya lura da shi shi ne ranar da kukan ya sauya daga yadda aka saba, kuma wannan na fara koyonsa ne a kan wani jaki da muke kira Idabari saboda launinsa na toka.

Idabari namiji ne da ba a dandaƙe ba, mai ƙarfi, mai natsuwa a wurin aiki. Wata shekara cikin bazara sai ya rikice. Tun bayan sallar isha'i yake farawa, kafin asuba ya yi kuka ba adadi, kuma duk lokacin da ya yi, wani namiji daga yammacin gari yana mayar masa da zafi. Maƙwabcinmu ya zo zaure da safe ya ce wa mahaifina, "Malam, jakin nan naka ya hana iyali barci, ko dai a ɗan taɓa shi da sanda?" Mahaifina ya ce, "Alhaji, a yi haƙuri, duka ba zai gaya mana abin da yake nema ba." Sannan ya juyo gare ni ya ce, "Kai, yau da dare ka tashi ka duba mini shi da kyau."

Da ya fara kuka na ɗauki tocila na fita. Na fara duba abincinsa, na tarar da harawar da na zuba masa da magariba tana nan bai ci ko rabi ba, ruwansa ma yana nan, don haka ba yunwa ba ce ba kuma ƙishirwa ba. Na haska bayan darni ko zan ga kare ko sawun wani abu, ban ga komai ba, awakinmu ma suna kwance suna tuƙa, alhali da akwai abin tsoro da sun miƙe tsaye. Sai na lura da shi kansa. Ya ja igiya har ƙarshenta ta ɓangaren gabas, ya tone ƙasar wurin da kofato, kuma bayan kowane kuka yakan ɗaga kai sama ya naɗe leɓensa na sama har haƙoransa su bayyana, ya tsaya haka na ɗan lokaci. Daga baya na san cewa da wannan naɗe leɓe namiji yake tura wari zuwa wata gaɓa da ke saman dasashinsa, wadda take tantance ko mace tana neman barbara. A daren dai abin da na gaya wa mahaifina shi ne, "Baba, gabas yake kallo, kuma ba ya cin abinci." Ya ce in je gidajen gabas da safe in tambaya ko an kawo jaka.

Haka kuwa aka yi. Gida na huɗu daga namu an sayo wata jaka daga kasuwar Maigatari ranar Alhamis ɗin da ta wuce. Da na gan ta sai na ga tana ta buɗe baki tana rufewa kamar mai tauna alhali babu komai a bakinta, ta kwantar da kunnuwa a kan wuya, ta ɗan buɗe ƙafafun baya tana fitsari kaɗan-kaɗan. Waɗannan su ne alamomin jaka mai neman namiji, kuma wannan taunar iska ita ce mafi bayyana a cikinsu. Halin yakan ɗauki kwana shida zuwa tara, kuma idan ba ta ɗauki ciki ba yakan dawo bayan kimanin kwana 23 ko 24 daga ranar da ya fara. Abin da ya tabbatar mana da lissafin shi ne, bayan mako guda Idabari ya lafa da kansa ba tare da an yi masa komai ba, sannan bayan sati uku da 'yan kwanaki da fara rikicinsa na farko ya sake tayar da gari, namijin yamma ma ya sake tashi tare da shi. A wannan karon mahaifina da mai jakar suka yi magana, aka kai Idabari aka haɗa su, ta ɗauki ciki, unguwa ta huta, domin jaka takan yi kusan wata 12 kafin ta haihu.

Wanda ba ya son haihuwa daga jakinsa yana iya sa a dandaƙe shi, kuma hakan yana rage irin wannan kuka sosai, ko da yake ba ya hana kiran juna na yau da kullum, kuma namijin da ya riga ya manyanta yakan riƙe wani abu na tsohon halinsa. Shawarata ita ce a bar wa likitan dabbobi wannan aiki, domin jaki ya fi doki zubar da jini a wurin, sai an ɗaure jijiyar da kyau, kuma a zaɓi lokacin sanyi da ƙudaje suka yi sauƙi.

Kukan yunwa ya fi sauƙin ganewa. Cikin jaki an yi shi ne don ya riƙa ci kaɗan-kaɗan na tsawon awa 14 zuwa 16 a rana. Idan aka ba shi dusa da 'yar harawa da magariba ya cinye cikin awa ɗaya, to zai kwana da ciki wayam, kuma zai yi magana kafin asuba, fuskarsa tana kallon ƙofar ɗakin mai ba shi abinci. Jaki mai nauyin kilo 130 zuwa 150 yana buƙatar busasshen abinci kimanin kilo biyu zuwa biyu da rabi a yini, kuma ya fi kyau a ajiye masa kaso mai kyau na karan dawa ko ingirici bayan isha'i, abin da zai daɗe yana tauna, tare da ruwa a kusa. A nan ne masu jaki da yawa suke koya wa dabbarsu abin da zai dame su, domin idan duk lokacin da ya yi kuka aka fito aka zuba masa abinci don ya yi shiru, zai gane cewa kuka ne yake kawo abinci, kuma zai riƙa matso da lokacin. A tsayar masa da lokaci ɗaya, a kuma zuba masa sa'ad da ya yi shiru.

Kukan ganin abin tsoro shi ne wanda ba na so kowa ya yi jinkiri a kansa. Yakan zo kwatsam, da huci da buga ƙafa, kunnuwa biyu a miƙe suna kallon wuri ɗaya, karnuka suna haushi, awaki kuma sun taru a lungu. Jaki ba ya shiri da kare ko dila, yana iya fuskantarsu da haƙori da kofato maimakon ya gudu, har ma a Amurka da Ostareliya wasu makiyaya suna ajiye shi cikin tumaki domin gadi. Baƙon mutum da ya shigo garka a lokacin da ba a saba ba shi ma yana iya tayar da shi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ya faru ne da wata jaka baƙa da muke kira Duna, bayan na fara aiki. Ta yi shekaru a turke ɗaya da wani dandaƙaƙƙen jaki, tare suke zuwa gona tare suke dawowa, kuma sau da yawa za ka same su sun jera kai da gindi suna sosa wa juna wuya da haƙori. Wata shekara damina ta yi gardama, hatsi ya ƙare da wuri, dole mahaifina ya sayar da abokin nata. Daren farko ta yi kuka har muryarta ta dushe, kuma kukan ya bambanta da wanda na sani. Takan yi, sai ta tsaya cak ta juya kunnuwa tana saurare. Jakunan unguwa suna amsawa, amma amsarsu ba ta kwantar da ita, sai ta sake yi, domin ba muryar da take jira ba ce. Bayan 'yan kwanaki ta yi shiru, mutanen gida suka ce alhamdu lillahi ta haƙura. Da na zo na gan ta hankalina ya tashi, domin ta sunkuyar da kai, kunnuwanta sun faɗi gefe, tana sa baki a cikin harawa tana motsa ta amma ba ta haɗiyewa, kashinta kuma ya ragu ya bushe.

Jaki dabba ce mai ɓoye ciwo, kuma wanda ya daina ci yana cikin haɗarin da mutane ba su cika sani ba. Idan abinci ya daina shiga, jikinsa yakan kwaso kitsen da ya tara ya zuba a cikin jini, fiye da abin da hanta za ta iya sarrafawa, har idan aka ɗebi jinin aka bar shi ya kwanta sai a ga ruwan samansa ya yi fari kamar madara. Wannan yana iya kashe jaki cikin kwanaki kaɗan, kuma ya fi kama mai ƙiba da mai ciki da mai shayarwa. Rabuwa da abokin zama tana cikin sanannun abubuwan da ke jawo shi. Na ce wa mahaifina, "Baba, shirun nan ba haƙuri ba ne, rashin lafiya ce." Muka dama mata dusa da ruwa mai ɗumi muka ɗan sa sukari, ƙannena suka tafi fadama suka yanko ɗanyar ciyawa, muka riƙa ba ta da hannu kaɗan-kaɗan dare da rana, aka kuma dakatar da ita daga aiki. Da ta ƙi karɓa, da sai an nemo likita ya zura mata abinci ta hanci da roba ko ya sa mata ruwa ta jijiya. Sannan muka roƙi maƙwabcinmu ya riƙa ɗaure jakarsa a garkarmu da dare, inda Duna za ta gan ta ta kuma iya kai hanci gare ta. A hankali ta koma cin abinci, kuma ranar da ta sake amsa kukan jakunan unguwa da cikakkiyar murya na san ta tsallake.

Irin halin Duna na fi gamuwa da shi yanzu fiye da da. Cinikin fatar jaki, wadda ake kaiwa ƙasar Sin ana dafa ta don yin wani maganin gargajiya, ya tsauwala farashi ya kuma rage jakuna a ƙauyukanmu, har Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka su don fata a watan Fabrairu na 2024. Gidan da a da yake da jaki uku yanzu da ƙyar yake riƙe ɗaya, kuma jakin da yake shi kaɗai ya fi yawan kukan dare. Idan aka kira ni a kan irin wannan, bayan na duba abinci da ruwa da lafiyar jiki, abin da nake fara nema shi ne a matsar da turken zuwa wurin da zai riƙa hango wani jakin, ko maƙwabta biyu su haɗa nasu a garka ɗaya. Idan hakan bai samu ba, tumaki ko awakin da ya saba da su suna rage masa kaɗaici, amma a haɗa su sannu a hankali a kuma nisanta ƙanana daga inda kofatonsa zai kai. Wanda kuma dole ta sa ya sayar da ɗaya daga cikin jakuna biyu da suka shaƙu, ko ɗayan ya mutu, ya sa ido a kan cin abincin wanda ya rage har tsawon sati uku, ya riƙa duba abin da aka zuba da abin da ya saura, ya kuma duba kashinsa kowace safiya.